Waya a Hannun Mata: lambar sirri ta ƙi zuwa

A wannan fitowar za mu tsaya kan abin da ya samu sakatariyar wani rukuninmu na karkarar Tarka, can wajen Belbeji, don mun san ba ita kaɗai ba ce.

Wayarta ta faɗa ruwa, ta sayo wata a kasuwar Tanut. Ɗanta ya sa mata WhatsApp, ya rubuta lambar da aka san ta da ita cikin rukuni, aka ce a jira saƙo mai lambobi 6. Shiru. Kwana 3 suna danna a sake turowa. Ga shi kuwa ta nan ne mata 4 da ke Damagaram da Agadas ke turo hoton takardar zubinsu. Ranar taro ta zo ba shaida, har aka rubuta musu tara, dala ashirin-ashirin, kan kuɗin da sun riga sun aiko.

Da muka zauna da ita, tambaya ɗaya muka yi: wannan lambar, pus ɗinta yana ina? Ashe da pus ɗin maigidanta aka buɗe mata WhatsApp shekarun baya, shi kuwa yana Agadas wajen nema. Duk saƙonnin wajensa suke sauka, yana gogewa, yana zaton ƴan damfara ne. Mu dai ba mu ga laifinsa ba.

Abin lura ke nan. Lambar sirri ba ta bin wayar da ke hannunki, pus ɗin da ke ɗauke da lambar take bi, ko yana cikin ƙaramar salula a ɗaki, ko yana wani gari. Kuma ba ta intanet take zuwa ba. Intanet na kai roƙonki ne kawai, amsar tana dawowa ta saƙon tes, wanda rezo yake so. Shi ya sa za ki iya zama a kan Wi-Fi mai ƙarfi a Tanut ki yi ta jira, alhali pus ɗin na ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya.

In pus ɗin na hannunki, sake karanta abin da aka rubuta a allo. Ƙasarmu +227 ce, sai lambobi 8, ba a sa sifili a gaba don ƙari. Mai waya mai pus biyu, ɗaya na nan ɗaya na Nijeriya, ta duba kada +234 ya maƙale a sama.

Daga nan sai gwajin da muka fi so, don ba ya cin komai sai kuɗin tes guda. Ki ce wa maƙwabciya ta turo miki tes, ko “sannu” kawai. In bai shigo ba, matsalar ba ta WhatsApp ba ce. Kunna Mode avion na minti ɗaya ki kashe, ko ki kashe wayar ki kunna. In ƙaramar salula ce, duba ko ambulan ɗin sama yana walƙiya: ɗakin saƙo ya cika da tallace-tallace, sai kin goge wasu sabo zai samu wuri. In ko kira ba ya shiga, kuma pus ɗin ya yi watanni a ƙasan kwalla ba a sa shi a waya ba, mai yiwuwa an rufe layin. Wannan sai ofishin kamfanin, da katin shaidar wanda aka yi rajistar layin da sunansa.

In tes ɗin maƙwabciya ya shigo amma lambar sirri ba ta zo ba, to ki cire hannu. Kowane dannawa na iya ƙara tsawon jira, daga mintoci har a kai awoyi. Bari agogon da ke allo ya ƙare, sannan ki zaɓi a kira ki. Wayar za ta yi ƙara, murya ta karanto lambobin. Ki tanadi alƙalami, ko ɗan makaranta kusa da ke, don ba lalle da Hausa za a faɗa ba.

Sakatariyarmu ita ta kira maigidan da kanta, ta roƙi lamba yana kan layi, ya karanto mata, rukunin ya dawo. Ku lura, ita ta kira, kuma ta san muryarsa. Duk wanda ya kira ki yana cewa lambarsa ta shigo wayarki bisa kuskure, ki karanto masa, asusunki yake so ya ƙwace ya roƙi kuɗi da sunanki. Kashe wayar kawai.

A ranar muka sa ta shiga Paramètres, Compte, Changer de numéro, ta mai da komai kan pus ɗinta. Matan nan 4 sun sake turo hotunan, an soke tarar. A taro mai zuwa, kowace shugaba ta tambayi sakatariya da ma'ajiya: lambar da rukuni ke aiki da ita, pus ɗin wa ne, da sunan wa aka yi rajista? A rubuta amsar a shafin ƙarshe na littafin asusu.