Raba labari kashi-kashi ba shi ne salon Marvel ba

Akwai wata magana da ta zama yayi a majalisun samari, tun daga nan Sabon Birni har Gwarzo da Kabo, wai marubutanmu da masu shirya finafinanmu sun daɗe suna yin abin da kamfanin Marvel ke yi, tun da su ma suna fitar da kashi na ɗaya, na biyu, har na huɗu. Ni dai ban yarda ba. Kama da wane ba ta wane.

Daga 2008 zuwa 2019 Marvel ya fitar da finafinai 23, ya kasa su mataki uku: na farko guda 6, na biyu guda 6, na uku guda 11. Mataki tsari ne na fitarwa, wato ana gabatar da jarumai ɗaya bayan ɗaya, kowa da fim ɗinsa, sannan a tara su a babban fim, kamar yadda aka yi a The Avengers a 2012. Shi kuwa jerin lokaci daban ne, domin yana nufin shekarar da abu ya faru a cikin labarin. Captain America: The First Avenger ya fito a 2011, amma labarinsa na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Captain Marvel ya fito a 2019, amma labarinsa na 1995 ne.

To, me ya ɗaure su wuri guda? Mai karatu, ɗauki Tesseract, wani ɗan akwati shuɗi mai ƙarfin tsiya. A fim ɗin 2011 mugu Red Skull ya ƙwace shi a Norway ya ƙera makamai da shi, Kyaftin ya karya lagonsa, akwatin ya faɗa teku. Labari ya ƙare, mai kallo ya tashi da gamsuwa. A 2012 Loki ya sace shi ya buɗe ƙofa a samaniyar New York, aka ci shi da yaƙi, Thor ya tafi da akwatin Asgard. Nan ma labari ya ƙare. Sai a Infinity War na 2018 Thanos ya murƙushe akwatin ya zaro dutsen da ke ciki, ɗaya daga cikin duwatsu 6 da yake nema. Ka ga kowane fim ya biya bashinsa da kansa, zaren da ke haɗa su kuwa ƙari ne, irin gyaran da mai awo ke yi wa mai saye.

Yanzu dubi namu. Sau nawa ka karanta littafin da ya tsaya daidai lokacin da amarya ta buɗe baki za ta faɗi sirri, aka ce mu haɗu a kashi na biyu? Wannan ai labari ɗaya ne aka datsa da wuƙa don a karɓi kuɗi sau biyu. Gwajin mai sauƙi ne: miƙa kashi na biyu ga wanda bai ga na farko ba. In ya gane abin da jarumin ke nema, ya kuma ga ƙarshen neman, an yi aiki. In ya shiga tambayar wace ce wannan, an cuce shi.

Kada a ce ina bautar Turawa. Su ma sun faɗa ramin. Wanda ya kalli Doctor Strange in the Multiverse of Madness a 2022 ba tare da ya ga shirin WandaVision na 2021 ba, zai yi ta mamakin inda Wanda ta samo 'ya'yan da take kuka a kansu. Haka a Spider-Man: Homecoming na 2017 suka rubuta cewa shekara 8 ta wuce bayan yaƙin New York, alhali lissafin sauran finafinan bai kai haka ba. Idan kamfani mai tarin ma'aikata ya yi wannan tuntuɓe, ina ga marubucin da bai ma ajiye takardar shekarun taurarinsa ba?

Abin haushin, muna da misalin a gida. Tun a 1937 Abubakar Imam ya nuna hanya a Magana Jari Ce: aku na ba Musa labari bayan labari don ya hana shi fita bin sawun yaƙi. Kowane labari cikakke ne, za ka iya karanta shi shi kaɗai, amma duk suna hidima ga babbar manufa ɗaya, wato tsare ran ɗan sarki.

Don haka, ya ku marubuta, wanda ke son gina duniyar labarai ya fara sanin inda babban zaren zai ƙare, ya rubuta shekarar kowane lamari, sannan ya ba kowane littafi nasa ƙarshen. Wanda ba zai iya ba, ya rubuta littafi ɗaya cikakke, ya bar mana kuɗinmu. Allah ya sa mu gyara.