Kalma 450: wa ake cuta, mai gajeren insha'i ko mai dogo?

Duk shekara idan jarrabawar WASSCE ta matso, tambaya ɗaya ce ke yawo a ajujuwan darasin yamma na zangunanmu, daga Nima zuwa Aboabo: "Malam, in ban kai 450 ba, sun kayar da ni ke nan?" Sai wani daga baya ya ce shi an gaya masa in ka wuce ma yanke maka ake yi. Kowa da abin da yayansa ya faɗa masa. Na ga ya kamata mu baje maganar a faifai, don Turanci darasi ne na dole a nan Gana, kuma tsakanin C6 da D7 akwai yaron da zai shiga jami'a da wanda zai zauna gida ya sake biyan kuɗin jarrabawa. Wani lokaci maki biyu ko uku ne suka raba su.

Takarda ta biyu ta Turanci awa biyu ce, maki 100. Insha'i yana da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ana ba da batutuwa biyar ka zaɓi ɗaya, a ce kada amsarka ta gaza kalma 450, a kuma shawarce ka ka yi ta cikin minti 50. Makin nan 50 kashi huɗu aka yi shi: 10 na abin da ka faɗa, 10 na yadda ka tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, sai 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da jera haruffa daidai da alamomin rubutu. A wannan kashi na ƙarshe ne jan biro yake cin kasuwarsa. Kowane kuskure aka zagaye, rabin maki ya tafi.

Mai duba takarda ba ya zama ya ƙirga kalmominka ɗaya bayan ɗaya. Ina zai samu wannan lokacin, ga tarin takardu a gabansa? Yana duba kalma nawa kake zubawa a layi, ya ƙiyasta daga nan. Mai kalma 10 a layi yana buƙatar layi 45. Mai manyan haruffa da ke sa 6 kacal yana buƙatar layi 75. Shi ya sa shawarar nan ta "cika shafi biyu ka huta" take jefa yara a rami: shafi biyun wani ya haura 450, na wani ko 350 bai kai ba.

To, in rubutu ya gaza sosai, abin da ake yi shi ne a rage rufin makin tsabtar rubutu gwargwadon yadda ya gaza. In kuma ya zarce, babu wani horo na musamman. Ana karanta shi duka a auna shi ta fuskar abin da ya faɗa da tsari da harshe.

Mutane da yawa suna jin na farkon su ce zalunci ne. Yaro ya yi rubutu gajere mai tsabta, don me za a rage masa? Ni dai ban yarda zalunci ne ba, kuma lissafi ne ya hana ni yarda.

Mu ɗauki yara biyu masu ƙarfi ɗaya, kowannensu yana yin kuskure ɗaya a kusan kowace kalma 28. Ta farko ta dage ta rubuta 450, aka zagaye mata kurakurai 16. An cire 8, ta tashi da 2 cikin 10. Na biyu ya tsaya a 225, kurakuransa 8, an cire 4. Da ba a taɓa rufin makinsa ba, da ya tashi da 6. Ka ga wanda ya yi rabin aiki ya ninka wadda ta yi cikakken aiki har sau uku, alhali hannunsu ɗaya. Da haka tsarin yake, da duk malami mai wayo ya koya wa ɗalibansa su rubuta sakin layi biyu su ajiye biro. Amma da aka mayar da rufinsa 5, tunda rabi ya rubuta, sai ya tashi da 1. Ita 2 cikin 10, shi 1 cikin 5. Kowa ya samu daidai gumin goshinsa. Wannan ba horo ba ne ma in ka lura, gyaran sikeli ne.

Inda nake da ja daban ne.

Na farko, ga yawancin yaranmu wannan gyaran sikelin ba ya auna komai. Kuskure 20 ya isa ya cinye makin 10 ƙurmus. Kuskure 20 cikin kalma 450 kuwa, kusan ɗaya ke nan a kowane layi biyu. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Tuwi a kasuwa, Larabci a makaranta, Turanci sai a aji, kafin ya gama shafin farko ya riga ya kai 20: nan ya manta babban harafi, can ya bar waƙafi, can kuma aikatau bai bi lokacinsa ba. Ya samu sifili. Abokinsa da ya rubuta rabi, ya yi kuskure 10, shi ma sifili. Wanda ya yi kuskure 22 da wanda ya yi 60 duk kwano ɗaya. Ashe dokar da aka rubuta ƙarara, wadda ake iya lissafawa, tana aiki ne a kan ɗalibai masu ƙarfi kawai. Ga sauran, hukuncin tsawo yana komawa cikin maki 40 da suka rage, inda babu lissafi sai idon mai dubawa.

A nan ne nake jin tsoro. Gajeren rubutu yakan rasa maki a ɓangaren abin da aka faɗa, kuma sau da yawa ya cancanta, don an ce ka kawo dalilai uku ka faɗaɗa su, kai kuma ka jero su kamar jerin cefane. Wannan babu gardama. Amma akwai yaron da ya kawo dalilan ukun, kowanne da misalinsa, ya rufe a kalma 370 don ba shi da surutu. An riga an rage masa rufin tsabtar rubutu. In mai dubawa ya sake kallon shafin ya ga fili a ƙasa, zuciyarsa ta ce "wannan bai cika ba", ya ƙara rage masa a abin da ya faɗa da tsari, to an yi masa bulala biyu a kan laifi ɗaya. A ganina tambayar da ya kamata a yi a wannan ɓangaren ita ce me ya bari bai faɗa ba. In ba a iya nuna abin da ya bari, tsawo kaɗai bai isa dalili ba. Masu dubawa mutane ne, kuma takarda ta ɗari biyu da dare ba ta samun idon da ta goma ta samu da safe. Cikakken shafi yana da kwarjini, ko da rabinsa maimaici ne.

Sai mai dogon rubutu, wanda aka ce ba a hora shi. A takarda haka ne. A zahiri shi yake hora kansa, kuma horonsa ya fi na kowa zafi. Kalma 450 cikin minti 50, kalma 9 ke nan a minti, har da tunani da sake dubawa. Wanda ya zuba 700 da wannan saurin ya ci kusan minti 78. Saura masa 42 ya yi auna fahimta da taƙaitawa, aikin da aka ware wa 70, kuma maki 50 ne cur a wurin. Ƙarin kalma 250 ɗin nan da wuya su ƙara masa maki biyu, don yawanci a nan ne labari yake sakin hanya, a fara maimaita abin da aka faɗa a sakin layi na biyu da wasu kalmomi. Taƙaitawa kuwa, wadda ya yi a guje ko ya bari, maki 30 ce. Na sha ganin yara masu ƙoƙari, waɗanda Turanci ya zauna a bakinsu, sun faɗi a jarrabawar gwaji ta wannan hanyar, suna fitowa suna murna wai sun cika shafi huɗu. An sayar da akuya an sayi kaza, ana ta guɗa.

Wasu malamai suna cewa a kawo doka mai tsauri, in ka wuce iyaka a ja layi a daina karantawa. Akwai inda ake yin haka. A tsarin IB, dogon insha'in bincike iyakarsa kalma 4,000, kuma masu dubawa ba sa karanta abin da ya haura. Can ya dace, don ɗalibi yana da watanni a hannunsa, kwamfuta tana ƙirga masa kalmomi, kuma iya datse magana yana cikin abin da ake gwadawa. A zauren jarrabawa, da biro, agogo yana gudu, ƙirgar ma ƙiyasi ce, jan layi zai yanke wa yaro kammalawarsa a kan kuskuren ƙiyasin wani. Gara yadda ake yi yanzu.

Abin da na fi ganin rashin adalci a cikinsa bai shafi lissafin ba sam. Takardar tambaya tana cewa kada ka gaza 450, shi ke nan, ba ta faɗin abin da zai biyo baya in ka gaza ko ka zarce. Makarantar da ke da malamin da yake zuwa duba takardun WAEC, ɗalibanta sun san duk abin da na rubuta a sama tun suna aji biyu. Yaron da ke karatu inda babu irin wannan malamin, ko mai sake zama daga gida, sai jita-jita. Doka ɗaya ce a kansu, amma ɗaya ya shiga fili ya san inda raga take, ɗayan yana lalube. Layi biyu a saman takardar tambaya sun isa su gyara wannan: ga abin da gajarta ke jawowa, kuma tsawo ba ya ƙara maki. Ban ga asirin da zai tonu ba in an rubuta.

Kafin a kai ga haka, iyaye da yayye, ga abin da za ku iya yi a gida yau da daddare. Ku sa yaro ya rubuta layi biyar da hannunsa na kullum a takarda mai layi, a ƙirga kalmomin, a raba biyar. In 8 ya fito, layinsa 56 ne, in 9 ne, 50. Ya riƙe wannan lambar. Ran jarrabawa ya nufi layi uku ko huɗu sama da ita saboda ƙiyasin mai dubawa, ya bar minti biyar na ƙarshe ya bi kalmominsa yana farautar babban harafi da aya, don kurakurai huɗu da ya kama da kansa maki biyu ne, in dai bai riga ya haura ashirin da nisa ba. Minti 50 na cika, ya juya shafi.