Satar da ba a kai ƙara ba, a takarda ba a yi ta ba



Duk lokacin da aka ce laifuka sun ragu, ya kamata mu tambaya: laifukan ne suka ragu, ko kai ƙara ne ya ragu?

Mu ɗauki misali. An haƙe wa manomi doya a gona cikin dare. Kafin wannan sata ta shiga lissafin hukuma, sai ya bar aikinsa ya biya kuɗin mota zuwa ofishin 'yan sanda, sai kuma an rubuta ta a littafi. Idan ya auna ya ga wahalar ta fi doyar, zai ce Allah ya isa ya haƙura. Idan ɓarawon ɗan maƙwabci ne, a gaban mai unguwa za a kashe maganar. Ya yi asara, amma littafi bai sani ba.

Shi ya sa masana suka fito da wata hanya: a bi gida-gida a tambayi mutane abin da ya same su cikin wata 12, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi irin wannan bincike, ta fitar da sakamakonsa a Disambar 2024. Ta ƙiyasta cewa daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024 gidajen Najeriya sun fuskanci laifuka kusan miliyan 52. Ita dai hukumar ta ce a shekarar 2017 laifuka 134,663 aka kai wa 'yan sanda a duk ƙasar. Shekarun sun bambanta, salon ƙirgan ma daban, amma tazarar ta wuce a kawar da kai. Ko fashi a gida, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai ƙara. Da yawa sun ce ba su ga alamar za a yi wani abu ba.

Shi ma binciken yana da iyakarsa. Mutum kan saka satar bara cikin ta bana. Matar da ake duka ba za ta faɗa ba idan mijin yana zaune a wurin. Kuma gidaje kaɗan ake zaɓa a auna sauran da su, don haka ba zai ba mu adadin Garatu ko na ƙaramar hukumar Bosso ba.

Ra'ayina shi ne mu buɗe littafinmu a hannun mai unguwa da 'yan banga: rana, wuri, abin da aka ɗauka, ba tare da sunan wanda ake zargi ba. Mu kuma riƙa kai ƙara ko da ba mu sa ran a dawo da kayan. Idan adadin ya hau da farko, kada mu firgita, abin da ke ɓoye ne ya fito. Mai raba jami'ai da motocin sintiri takarda yake dubawa, kuma garin da takardarsa take fara, sai a ɗauka lafiya yake kwana.