Tsayar da cirar kuɗi a banki ba soke inshora ba ne

A Maradi ko Damagaram, mai mota kan je ofishin inshora ya biya na wata uku, a miƙa masa takarda. Ranar da wa'adi ya cika, magana ta ƙare. Dokar CIMA da Nijar ke aiki da ita ma haka ta tanada tun 2011: sai an biya kariya ke farawa. Wannan sabo ne ke jefa 'yan Nijar mazauna Faransa cikin bashin da ba su san da shi ba, domin a can abin da ake cira daga asusu kowane wata kashi ne kawai na kuɗin yarjejeniyar shekara guda, wadda ke sabunta kanta.

A ɗauki misalin matashin da ke aiki a Lyon, ana cire masa Yuro 60 duk wata, kimanin jaka 39 na sefa. Zai zo gida hutun wata uku, sai ya umarci banki ya daina biya daga 5 ga Maris, a ganinsa ya soke ke nan. Kamfanin kuwa mai taurin bashi ya ɗauke shi. Bayan kwana 10 doka ta ba kamfanin damar aika masa wasiƙar gargaɗi mai rajista, a ce 16 ga Maris. Kwana 30 bayan aikawa, wato tsakiyar Afrilu, a dakatar da kariya. Ƙarin kwana 10, kamfanin na iya soke yarjejeniyar da kansa. Lissafin yana tafiya ko an buɗe wasiƙar ko tana kwance a akwati mai ita yana shan shayi a Tawa.

Ya koma a watan Yuni ya tarar da abu uku. Bashi na nan, kuma yarjejeniyoyi da yawa sun ba kamfani damar neman ragowar kuɗin shekarar a dunƙule. Sunansa ya shiga kundin AGIRA da kamfanonin inshora ke dubawa, a matsayin wanda aka sallama kan rashin biya, don haka sabon kamfani zai ƙi shi ko ya tsawwala masa farashi. Na uku ya fi muni: motar ba ta da inshora, kuma tun Afrilun 2024 da aka daina liƙa koriyar takarda a gilashi, lambar mota kawai 'yan sanda ke dubawa a kundi. Tarar na iya kaiwa Yuro 3,750. In ya kaɗe mutum, asusun FGAO zai biya diyya, sannan ya dawo kansa ya nemi kuɗinsa, ko da zai shekara da shekaru yana biya.

Abin takaicin shi ne hanyar fita ta halal ba ta da wuya. Dokar Hamon, wadda ta fara aiki a Janairun 2015, ta ba mai inshorar mota ko ta gida damar sokewa duk ranar da ya so bayan shekara guda, ba tara. Sokewar na tabbata wata guda bayan kamfanin ya samu sanarwa, kuma kuɗin wannan watan wajibi ne. Ga mota da gidan haya, sabon kamfani ne ke aika sanarwar, da gangan, don kada a samu ko kwana ɗaya ba kariya. Saboda haka a fara sa hannu da sabon, a dubi ranar farawarsa ta haɗu da ranar ƙarewar tsohon, sannan a taɓa banki.

Wanda bai cika shekara ba sai da dalili, kamar sayar da motar. Tafiya hutu ba dalili ba ce, kuma ko a ajiye motar take doka ta ce sai da inshora. Abin da matashin Lyon zai iya nema shi ne a sauko da shi zuwa mafi ƙarancin kariya, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wasu kaɗai.

Sai batun kwana 14 na canza ra'ayi, da ake yawan yaɗawa a zaurukan WhatsApp kamar ya shafi kowa. Gaskiya ne ga yawancin inshorar da aka saya daga nesa, ta intanet ko ta waya. Amma wanda ya shiga ofishi da ƙafarsa ya sa hannu ba shi da wannan dama, kuma inshorar mota ta dole da mutum ya nema da kansa ta intanet, doka ta cire ta daga ciki.

Kamfanonin ma suna da nasu laifin. Suna tallata farashin wata da manyan baƙaƙe, su tura zancen shekara can ƙasan takarda. Sai a Yunin 2023 aka tilasta wa masu sayarwa ta intanet sanya maɓallin sokewa a shafinsu. Wanda ya danna shi ya adana saƙon tabbatarwa mai ɗauke da ranar ƙarewa, domin shi za a nema ranar da aka yi gardama.