Fassarar inji da sunan mutum a kai

Wasu labaran da ake aiko mana daga Kumasi da Tamale, rahoton Turanci ne aka zuba wa injin fassara, mutum ya ɗora sunansa. A da, jimla ɗaya za ka nema a intanet, asirin ɓarawon rubutu ya tonu. Yanzu fassara ta sauya kalmomin, sawu ya ɓace.

Amma fa ba duka ba. Turanci kan ce minista kawai, Hausa kuwa dole ta zaɓi jinsi, sai ka ga mace ɗaya "ta ce" a sama, "ya ce" a ƙasa. Sunaye da alkaluma ma ba sa sauyawa, da su muke gano tushen labarin.

Mai aiko fassara ya faɗi inda ya ɗauko, in ba haka ba, ba za mu buga ba.