Ina Yara Ashirin Ɗin da Suka Ɓace daga Jadawali? Tsokaci kan Gwaje-gwajen Bincike a Ƙasar Ƙanƙara

A duk shekara, tsangayoyin ilimi na jami'o'in Katsina, Dutsin-Ma da Zariya suna karɓar kundayen digiri masu tsari kusan iri ɗaya. Ɗalibi ya zaɓi aji, ya yi wa yara jarrabawar farko, ya koyar da su da wata sabuwar dabara na tsawon makonni, sa'an nan ya yi musu jarrabawar ƙarshe. Idan maki ya ƙaru, sai babi na biyar ya yanke hukunci cewa dabarar ta yi aiki, ya kuma shawarci gwamnati da ta yaɗa ta. Wannan hukunci yana da rauni ko a cikin birnin Katsina aka yi aikin. Idan kuwa a 'Yargoje aka yi shi, ko a wani ƙauye na Faskari ko Sabuwa, to raunin ya kai matsayin da bai kamata malami mai duba aikin ya sa hannu ba, sai an amsa masa wasu tambayoyi.

Tambayar farko ita ce wadda Donald Campbell da Julian Stanley suka gina littafinsu na 1963 a kanta: shin abin da mai bincike ya yi ne ya haddasa sauyin da aka gani, ko kuwa wani abu ne daban? Wannan shi ne ingancin ciki na gwaji. Sun lissafa abubuwa takwas da ke yi masa barazana, kuma uku daga cikinsu sun fi cizo a kudancin Katsina: abubuwan da ke aukuwa a waje yayin da gwaji ke gudana, waɗanda suka kira tarihi, sauyin da lokaci kaɗai ke kawowa a jikin waɗanda ake gwadawa, wato girma, da kuma ficewar wasu daga cikinsu kafin a kai ƙarshe.

Tarihi a wannan ma'ana ba ya nufin labarin da. Yana nufin duk abin da ya faɗa wa mutanen tsakanin awon farko da na ƙarshe. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, bayan an rufe wasu kasuwanni. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira, a ƙarshen watan Mayun shekarar kuma aka janye tallafin man fetur. A watan Yunin 2024 aka kai wa 'Yargoje mummunan hari, aka kashe mutane da yawa. Duk gwajin da ya ratsa ɗaya daga cikin waɗannan lokuta ya auna abubuwa biyu ne a haɗe, dabarar mai bincike da abin da ya auku, alhali jadawalinsa lamba ɗaya tak yake nunawa.

Galibi irin wannan tarihi ƙasa yake jan sakamako. Yaron da ya kwana a daji ba zai karanta sakin layi da safe kamar yadda ya saba ba, kuma malamin da kuɗin babur ya gagare shi ba ya zuwa aji kullum. Saboda haka dabara mai kyau na iya fitowa kamar ba ta da amfani, a yi watsi da ita. Amma yana iya ja sama ma, misali idan wata ƙungiyar agaji ta fara raba abinci ko littattafai a makarantar ana tsakiyar gwaji. Mai bincike zai ga maki ya tashi, ya ɗauka aikinsa ne.

Girma ya fi tarihi ɓuya, domin ba shi da ranar aukuwa. Yaro ɗan shekara bakwai da aka auna a watan Oktoba ba shi ne za a auna a watan Yuni ba: ya ƙara wayo, ya ƙara sabawa da alli da allo, ya ji darasin yau da kullum, wataƙila kuma yana zuwa Islamiyya da yamma. Ko ba a kawo masa sabuwar dabara ba, karatunsa zai ɗan gusa gaba. Campbell da Stanley sun sanya gajiya da yunwa a cikin wannan rukuni, kuma wannan ya dace da ƙasar manoma ƙwarai. Yaron da aka yi wa jarrabawar farko da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, sa'an nan aka yi masa ta ƙarshe bayan kaka, cikinsa ne ya sauya kafin kansa.

Maganin da aka saba bayarwa ga waɗannan biyu shi ne rukunin kwatance, wato aji na biyu da ba a ba shi sabuwar dabara ba. Shi ma yana girma, shi ma abin da ya auku ya same shi, don haka bambancin da ya rage tsakanin azuzuwan biyu ana iya jingina shi ga dabarar. Hujja ce mai ƙarfi, amma tana da sharaɗi wanda kundaye da yawa ke tsallakewa: dole ne azuzuwan biyu su sha iska ɗaya. Idan rukunin gwaji yana 'Yargoje, rukunin kwatance kuma yana cikin garin Ƙanƙara ko Malumfashi don sauƙin zirga-zirga, to hari ɗaya a kan ƙauyen ya raba tarihinsu. Makaranta ɗaya a kowane ɓangare ba ta isa ba. Abin da ya fi shi ne a tara makarantu da yawa masu kama da juna ta fuskar nisa da titi da yanayin tsaro, a jera su bibbiyu, a jefa ƙuri'a a kowane biyu don sanin wadda za ta samu dabarar.

Sai dai ko an yi duk wannan, barazana ta uku tana iya rushe shi, kuma ita ce ta fi cancantar a yi mata lissafi dalla-dalla. A ƙaddara, don misali kawai, aji biyu na firamare mai yara 60. A jarrabawar farko ta karatun Hausa matsakaicin makinsu 40 ne cikin 100. Kafin ƙarshen zango aka yi tashin hankali a ƙauyukan kewaye, yara 20 suka bi iyayensu zuwa Ƙanƙara ko Funtuwa. Yara 40 da suka rage suka rubuta jarrabawar ƙarshe, matsakaicinsu ya kai 55. Kundi zai rubuta cewa an samu ƙarin maki 15.

To amma su wane ne suka tafi? Gudun hijira ba ƙuri'a ba ne. A ce waɗanda suka tafi 'ya'yan rugage da ƙananan unguwannin bakin daji ne, waɗanda tun farko sukan makara ko su yi fashi saboda nisa, kuma matsakaicinsu a jarrabawar farko 20 ne. Idan haka ne, waɗanda suka rage sun fara ne da 50, domin 40 sau 50 ya ba da 2,000, 20 sau 20 ya ba da 400, jimilla 2,400, a raba da 60 a samu 40. Ke nan yaran da suka zauna sun tashi ne daga 50 zuwa 55. Ƙarin maki 5 ne, sauran 10 ɗin kuwa fitar masu ƙaramin maki daga lissafi ce ta haifar da su, ba tare da wani yaro ya koyi harafi ɗaya ba. Idan kuma ajin kwatance, wanda bai rasa kowa ba, ya ƙaru da maki 4 ta hanyar girma da darasin yau da kullum, abin da ya saura wa sabuwar dabarar maki 1 ne.

Lamarin na iya juyewa. Wani lokaci masu hali ne ke fara tashi, domin su ne ke da kuɗin mota da 'yan'uwa a birni, sai ajin ya rasa yaransa mafi ƙoƙari, matsakaici ya faɗi, a zargi dabarar. Ba a sanin wanne ya faru sai an koma ga makin farko na waɗanda suka fice, an ajiye shi kusa da na waɗanda suka zauna. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi ko manhaja, takardun suna hannun ɗalibin tun ranar farko. Abin takaici shi ne yadda ake share sunayen waɗanda suka tafi daga jadawalin farko ma, don adadi ya daidaita, sai kundi ya nuna 40 a farko da 40 a ƙarshe, kamar yaran nan ashirin ba su taɓa zama a ajin ba.

Kwatanta yaran da suka rage da makinsu na farko ya gyara rabin kuskuren ne kawai, domin bai faɗi abin da dabarar za ta yi wa waɗanda suka tafi ba, su kuwa su ne suka fi bukatarta. Hanya mai gaskiya ita ce a ba da iyaka biyu. Idan an ɗauka yara 20 ɗin ba su ƙaru da komai ba, matsakaicin ajin duka zai zama 2,600 a raba da 60, wato kusan 43. Idan an ɗauka sun ƙaru da maki 5 kamar sauran, zai zama 45. Mai karatu ya ga cewa ƙarin yana tsakanin 3 da 5, kuma ajin kwatance da ya samu 4 yana tsakiyar wannan tazara. Sakamako ne da ba zai faranta wa ɗalibi rai ba, amma shi ne abin da bayanan suka iya ɗauka.

Za a ce wannan tsauri zai sa ɗalibai su guje wa irin waɗannan ƙauyuka, su tsaya a makarantun birni inda yara ba sa gudu. Ƙorafin yana da tushe, kuma babu malamin kirki da zai tura ɗalibinsa bin sawun yara a hanyar da ake tare mutane. Sai dai tsaurin da ake nema a kan rahoto yake, ba a kan ƙafar ɗalibi ba. Tun ranar farko ana iya rubuta unguwar kowane yaro da sunan mai unguwarsa da garin da danginsa suke, domin lambar waya kaɗai ba abin dogaro ba ce, kamar yadda 2021 ta nuna. Ana iya yin gajeren awo kowane mako huɗu maimakon biyu kacal, ta yadda yaron da ya tafi a mako na tara zai bar maki na kusa, kuma faɗuwar da ta biyo bayan wani hari za ta fito a zane a daidai makonta. Ana iya roƙon shugaban makaranta ya riƙe littafi yana rubuta ranakun da aka rufe aji da dalili.

Sashen da ke son kundayensa su yi nauyi a gaban ma'aikatar ilimi yana iya farawa da sharaɗi ɗaya a zaman kare kundi: kafin a duba babi na huɗu, ɗalibi ya nuna shafin da ke ɗauke da adadin waɗanda suka fara a kowane rukuni, adadin waɗanda suka fice, makon da kowannensu ya fice, da makin da ya samu a jarrabawar farko.