Kalmar "please" ba ta wanke umarni

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsakanin waɗanda suka yi karatu a Birtaniya, wai duk kewaye-kewayen da Bature yake yi kafin ya roƙi alfarma munafunci ne. Masu wannan ra'ayi suna cewa mutum ya faɗi buƙatarsa kai tsaye, ya ƙara da "please", magana ta ƙare. Wanda ya tsaya yana "would you mind" ƙasƙantar da kansa yake yi, ko kuwa iyayi ne. Ra'ayin yana da daɗin ji a zaman hira, amma kuskure ne, kuma sababbin ɗaliban da suka ɗauke shi da gaske su ne suke kwana a ciki.

Abin mamaki shi ne a ji wannan magana daga bakin Bahaushe, mutumin da ba ya zuwa aron tsani gidan maƙwabci sai ya yi sallama, ya tambayi gajiya da iyali, kafin ya ce, "Da ma cewa na yi ko za ka ɗan ara mini tsaninka, in ba aiki za ka yi da shi ba." A duba wannan jimla da kyau. "Da ma" ta ja buƙatar baya, kamar wani tunani ne da ya riga ya wuce. "Ko" ta mayar da ita tambaya. "Ɗan" ya rage mata nauyi. Ƙarshen jimlar kuma ya buɗe wa mai tsani ƙofar ƙi ba tare da ya ji kunya ba. Babu wanda ya taɓa kiran wannan munafunci a Kano ko Zinder. Sunansa tarbiyya.

Matsalar ita ce, idan wannan mutumin ya koma Turanci, duk kayan nan sai su zube a hanya. Abin da yake tsira shi ne "don Allah", wadda aka koya masa tun firamare cewa ita ce "please". Sai ya dubi abokiyar karatunsa a Leeds ya ce, "Please send me your notes." A zuciyarsa ya yi roƙo. A kunnenta an ba ta umarni, domin aikatau yana nan a sigar umarni, kuma "please" a farkon irin wannan jimla ita ce muryar sanarwar tashar jirgi da takardar ofis. Gaisuwar da ya gabatar ma ba za ta cece shi ba. Ga Bature, doguwar gaisuwa ba ta cikin lissafin roƙo. Ladabin yana cikin ginin jimlar da aka yi roƙon da ita.

Illar wannan ta fi ta kuskuren nahawu. Jenny Thomas, masaniyar harshe, ta yi bayanin haka a wata maƙala a 1983: wanda ya karya nahawu, mai sauraro yana gane cewa harshen ne bai zauna masa ba, sai ya yi masa uzuri, wanda kuwa ya yi kuskure wajen salon roƙo ko godiya, sai a ɗora laifin a kan halinsa. Kuma gwargwadon ƙwarewar mutum a harshen, gwargwadon ƙarancin uzurin da za a yi masa. Saboda haka lauya ko likita da Turancinsa yake zuba kamar ruwa ya fi shiga haɗari. Babu kuma mai gaya masa. Zai dai ga saƙonninsa suna jinkirin samun amsa, an daina gayyatarsa zaman bita, har ya yanke hukuncin cewa mutanen nan ba su da sakin fuska.

A ɗauki misalin ɗalibi da ya sauka a gidan wasu mata da miji, jirgin ƙasansa zai iso da ƙarfe 11 na dare ranar Lahadi, bas ta daina aiki, yana so maigidan ya ɗauko shi a tasha. Wannan alfarma ce mai nauyi: dare ne, gobe aiki, kuma ba ta cikin yarjejeniyar haya. Idan ya rubuta "I want you to pick me up", ya mayar da mai masaukinsa direba. Abin da ya dace shi ne ya fara da dalili, cewa jirgin zai iso bayan bas ta ƙarshe. Daga nan ya kawo roƙon: "Would you mind picking me up?" Sannan ya rufe da mafita: "No problem if not, I can get a taxi." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa, alhali ita ce takwarar "in ba aiki za ka yi da shi ba". Ita take nuna cewa mai roƙo ya san yana shiga lokacin wani. Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin zance, sun gina babban sashe na nazarinsu a kan wannan buƙata ta ɗan Adam, ta kada a tauye masa zaɓi, kuma sun nuna cewa nauyin roƙo yana ƙaruwa da girman abin da ake nema, da nisan alaƙa, da bambancin matsayi.

Jimlar tana da tarko guda biyu. Na farko na gini ne: aikatau da ya biyo "mind" yana ɗaukar "-ing", don haka "would you mind to pick" kuskure ne. Na biyu ya fi cizo. Tambayar tana nufin "zai dame ka?", ke nan amincewa ita ce "not at all", daidai da yadda Bahaushe zai ce "a'a, ba komai". Ɗalibin da uwargida ta ce masa "Would you mind taking your shoes off?" ya amsa da "yes" yana murmushi, a zahirin lafazi ya ce abin zai dame shi. Ya kamata kuma ya gane cewa wannan ba neman ra'ayinsa ba ne. Dokar gida ce aka sa mata riga, kuma amsarta ita ce ya cire takalmin.

Masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya, wato cewa abin yana da iyaka. Wanda ya jero jimloli uku na ban-haƙuri don a miƙo masa gishiri a teburi zai zama abin dariya, ko a zaci gatse yake yi. "Could you pass the salt" ta wadatar. Haka nan "would you mind" da aka furta da kakkausar murya faɗa ce, ba roƙo ba. Kuma ba kowane baƙo ne Baturen Ingila ba: Bajamushe ko ɗan Rasha da suke aji ɗaya suna iya yin roƙo a taƙaice fiye da haka, ba tare da nufin raini ba. Amma wannan hujja ce ta a iya auna roƙo, ba ta a watsar da ma'aunin ba. Littafin da aka nema aro na minti 5 a ɗakin karatu, "could I" ta ishe shi. Bayanan darasi na zango guda da wata ta kwana tana rubutawa, daga mutumin da suka gaisa sau biyu kacal, suna buƙatar dalili, da tambaya, da kuma damar ta ce a'a.